Katin 'Yar Riƙona

Ranar da aka yaye ta Yaya, wato wana, ya sa aka kawo mini ita, da 'yar jakar kayanta da kofin roba mai hannu biyu. Ita ce 'yarsa ta fari, ni kuwa shekaruna da dama a gidan miji Allah bai ba ni haihuwa ba. Ba a yi wata doguwar magana ba. Tsohuwar da ta goyo ta daga gidansu ta kwance zane ta miƙo mini, ta ce, "Ga ɗiyarki nan, Allah ya raya." Tun daga ranar take ce mini Inna, shi kuma take ce masa Kawu, kamar yadda ta ji yaran unguwa suna faɗa.

Yaya mutum ne mai kunyar 'yar fari irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. Duk Juma'a bayan masallaci yakan biyo ta gidanmu a Ƙofar Kwaya, ya zauna a kan tabarma ya yi ta jero gaisuwa. Zai tambayi maigidana da kasuwa, ya tambayi ciwon ƙafata, ya tambayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har akuyar da nake kiwo sai ya ji ko ta haihu. Yarinyar kuwa za ta kawo masa ruwa ta durƙusa, ya karɓa yana kallon katanga. In na so tsokanarsa sai in ce, "Yaya, ba ka ga mutuniyar taka ta yi tsawo ba?" Sai ya ce, "Ke dai ba ki da ta ido," ya ɗauko wani zance. Ina jin daɗin wannan hali nasa ƙwarai, domin a wurina ma'anarsa ita ce ya bar mini ita har ga Allah.

A lokacin yana aikin banki, ni kuma ina buga takardu a wani ofishin gwamnatin tarayya. Soja sun koma bariki, farar hula sun hau, kullum da sabon shirin da za a zo a karanta mana a ɗakin taro. Haka aka zo mana da inshorar lafiya. Jami'in da ya zo ya ce gwamnati za ta riƙa zuba kashi goma cikin ɗari na ainihin albashinmu, mu kuma a cire mana kashi biyar, kodayake namu kason ba a fara cirewa ba a shekarun nan saboda 'yan ƙwadago sun tada jijiyar wuya. Abin da ya burge ni shi ne, da masinja da darakta magani ɗaya za a yi musu, ko da yake abin da ake zubawa dominsu ba ɗaya ba ne. Kowa zai zaɓi asibiti guda cikin waɗanda hukuma ta tantance, nan zai riƙa fara zuwa. In an rubuta magani ka biya kashi goma na kuɗinsa. Katin zai ɗauki ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara sha takwas.

"Waɗanda kuka haifa da cikinku," in ji shi, ya maimaita har sau biyu.

Na ji maganar ta soke ni, amma na ɗaga kai sama. Ina ruwana? Yarinyata tana da katin da ya fi nasu. Bankin Yaya sun yi wa ma'aikatansu inshora ta kamfani mai zaman kansa, shi kuma ya sa sunanta cikin 'ya'yansa, ya aiko mini da katin a ambulan ta hannun matarsa, ba ko saƙon baki. Da wannan kati muke zuwa wani asibitin kuɗi can gaba da Ƙofar Kaura, mai sanyin na'ura da talabijin a wurin jira. Ba layi, ba kashi goma, ba a ce maka wannan magani ba ya cikin jerin da aka amince. Ni da maigidana kuwa muka zaɓi wani ɗan ƙaramin asibiti a hanyar Ƙofar 'Yandaka don ya fi kusa, mai benci biyu da fanka ɗaya. Abokan aikina har sun gaji da jin bakina. Nakan ce musu, "Ni da katin talakawa, 'yata da na masu kuɗi, kun ga an raba aiki."

Da aka zo haɗe bankuna, na su Yaya ya shige cikin wani, aka sallami mutane da yawa har da shi. Na sani sarai, har jaje na je. Ya buɗe shagon kayan lantarki, ya ci gaba da zuwa ranar Juma'a da farar shaddarsa kamar ba abin da ya faru. Amma katin bai taɓa faɗo mini a rai ba. Nawa na gwamnati ba a sabunta shi, muddin ina bakin aiki yana nan, sai na ɗauka nata ma haka yake. Ba kwanan wata a jikinsa. Yana nan cikin aljihun jakata, hotonta tana murmushi da ɗan kitsonta. Allah ya ba ta lafiya kuma, muka daɗe ba mu nemi asibiti ba.

Tana shekara sha uku abin ya zo. Da yamma ta ce cibiyarta na ciwo, ta ƙi tuwo. Na dube ta na yi murmushi a raina, na ce girma ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, na jiƙa mata kanwa. Da safe ta yi amai, jikinta ya ɗauki zafi, ciwon ya gangara ƙasan cikinta ta dama. Ta kasa miƙewa sosai, tana tafiya a sunkuye tana dafa bango. Maigidana ya tafi Funtuwa ta'aziyya tun jiya. Na ɗan danna wurin da yatsa, da na ɗauke hannu ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. Na yafa mayafi a kan kayan aikin gida, na leƙa na kira maƙwabcinmu mai tasi.

A asibitin kuɗin likita ya duba ta ba ɓata lokaci. Ya ce afendis ne, 'yar hanjin nan da ke kumbura, kuma yau ɗin nan za a yi aiki, kada a ba ta ko ruwa. Na ce alhamdu lillahi tunda muna inda za a yi. Na koma wurin wata yarinya ma'aikaciya da ke teburin karɓar baƙi na miƙa kati. Ta duba wata takarda, ta buga waya, ta yi ta cewa "to, to", sannan ta dube ni da irin kallon da ake yi wa wanda za a gaya wa rasuwa.

"Hajiya, katin ga ya mutu."

"Kati yana mutuwa? Duba dai da kyau, ɗiyata. Da shi muke zuwa nan tun kahin ki fara aiki."

Ta yi mini bayani a hankali. Irin wannan inshora shekara-shekara ake saye, kowane mutum da kuɗinsa, gwargwadon matakin da aka zaɓa. Banki ne ke biya. Ranar da mutum ya bar aiki aka cire sunansa, da shi da iyalinsa duk sun fita, sai in shi ya ci gaba da biya daga aljihunsa. Ba wanda ya biya. Ta ce za su yi aikin, amma sai an ajiye wani abu tukuna, ta faɗi adadin. Ko albashina na wata uku aka haɗa ba zai kai ba.

Na yi masifa, ba zan ɓoye ba. Na ce musu marasa imani, na ce shekarun da aka yi ana zuba musu kuɗi 'yata ba ta ci ko rabin rabinsu ba, ina sauran? Mutanen da ke wurin jira suka daina kallon talabijin suka koma kallona. Ba yarinyar teburin ce ta kafa dokar ba, ni ma na sani. Na kira Yaya, waya ta ce ba a samunsa. Na sake kira, haka. Wayar zamanin nan sai ta ga dama.

Sai na tuna da nawa katin. Gurbin 'ya'ya huɗu gare ni, duk a buɗe, ban taɓa sa kowa ba. Gwamnati tana zuba kuɗi a kaina kowane wata kamar mai 'ya'ya huɗu. A guje na ce wa mai tasi mu koma hanyar 'Yandaka. Ya ce, "Hajiya, da dai mun wuce babban asibiti." Na ce ya ja mota kawai, can sun san ni, su za su rubuta mana takardar turawa a yi komai kyauta. Kowane rami motar ta faɗa, yarinyar sai ta damƙe cinyata, ni kuma in ji kamar cikina aka taka.

Mai kula da masu inshora a ɗan asibitin namu dattijo ne, mun saba, yakan tsokane ni da "Hajiya mai hawan jini". Ranar bai yi tsokana ba. Na kwantar da ita a benci kusa da teburinsa, na zayyana masa komai cikin numfashi ɗaya. Ya buɗe fayil ɗina.

"Hajiya, ke da Alhaji kaɗai ke ciki."

"To a sa ta yanzu. Ga ta ga ni. Gurbi huɗu gare ni."

Ya dubi yarinyar, ya rage murya. "Ki gafarce ni. Ke kika haihe ta?"

A garinmu ba a yin wannan tambaya, kuma ba a amsa ta a gaban yaro. Na san ta sani, yaran unguwa ba sa barin irin wannan a rufe. Amma daga bakina ba ta taɓa ji ba, na kuma yi wa kaina alkawarin ba za ta ji ba har in mutu. Na so in yi ƙarya. Na buɗe baki da niyyar ƙarya, sai na ga idonta a buɗe tana kallona, leɓenta ya bushe ya yi fari.

"Ɗiyar wana ce," na ce. "Ni na riƙe ta."

Ta mayar da fuskarta wajen bango.

Dattijon ya ce ai ko da na ce ni na haife ta, ba abin da zai canza a yau. Ba a nan ake sa suna ba. Ɗan riƙo ana iya ƙara shi, amma a matsayin ƙarin iyali, ana biya masa daban, a kai takardu ofis, a jira watanni kafin sunansa ya fito a jerin da ake aiko musu. Sannan su nan matakin farko kawai aka tantance su, zazzaɓi da awo da ƙananan abubuwa, ba su da izinin fiɗa ko wurin yin ta. Ko mai kati ne sai su tura shi babban asibiti, a nemi lambar izini daga kamfanin da ke tsakaninsu da hukuma. Ya miƙe tsaye da kansa ya kama mini ita.

"Hajiya, don girman Allah bar zancen kati. Ku tahi babban asibiti yanzun ga, ku shiga ta wajen gaggawa. Rai ake nema."

Azahar ta gota muna cikin mota. Rana ta buɗe, kujerar tasi kamar tanda, ga 'yan acaɓa sun cushe hanya. Ina karanta duk addu'ar da na iya, ina haɗa farkon wata da ƙarshen wata. Ba ta ce mini komai ba tun da muka fito. Ina son in ce mata wani abu a kan abin da ta ji, na rasa ta inda zan kama. Can sai na ji hannunta ya saki cinyata. Ta ɗago kai, ta ja numfashi.

"Inna, ya yi sauƙi. Ya daina."

Wallahi daɗi ya rufe ni. Ta ce mini Inna, ga ciwo ya lafa. Har na ce wa mai tasi ya gani, ƙila likitan can neman kuɗi ne kawai. Saura kaɗan in ce mu juya gida. Shi ne ya ce tunda mun zo bakin ƙofa a bari su gani.

Likitan gaggawa saurayi ne, ga mutane jibge a kansa. Na tare shi da albishir, na ce ciwon ma ya tafi da kansa a hanya. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya taɓa cikinta, ya ji shi tauri kamar katako. Ya tambayi tun yaushe ya lafa, ya juya ya ƙwala wa wata ma'aikaciya kira. A nan na koyi abin da ba na fatan wata uwa ta koya: in abin ya fashe a ciki, ciwon yakan ɗan kwanta kafin dafin ya bazu. Sauƙin da na yi wa murna shi ne fashewar.

Daga nan komai ya zama gudu. A yanki kati, a sayo ruwan ƙari, a sayo allurai da kayan aiki, a nemo jini. Tagar masu inshora tana nan gefe da ɗan layinta, na wuce ta da katuna biyu a jaka na tsaya a tagar masu biya. Abin da ke jikina bai kai ko'ina ba, mai tasi ya zazzage cinikinsa ya ƙara. Garin sauri takardun suka zube mini a ƙasa. Ina durƙushe ina tsince su na ga takalmin Yaya a gabana. Wayar ta shiga daga baya, mai tasi ne ya same shi. Ya rufe shago ya taho da duk abin da ke cikin aljihun tebur, hularsa a karkace, abin da ban taɓa gani ba.

Ba mu gaisa ba. Ya karɓi takardun ya biya saura. Ma'aikaciyar ta fito da takardar amincewa da aiki, ta ce ina mahaifin yarinya. Na yi tsaye, shi ma ya yi tsaye, kowa yana jiran ɗan'uwansa. Ta daka mana tsawa ta ce ba ta da lokacin kallon-kallo. Yaya ya matsa ya sa hannu. Aka ce ya je a gwada jininsa, na bi shi don ƙafata ta ƙi zama wuri ɗaya. Mai ɗibar jinin ya ɗauki alƙalami zai rubuta a jikin leda.

"Sunan marar lahiya?"

Yaya ya dube ni. Na kawar da kai da gangan. Sai ya faɗa, a hankali, har mutumin ya ce ya ƙara murya. Ya sake faɗa da ƙarfi, muryarsa ta tsage a tsakiya. Sunan mahaifiyarmu ne ya sa mata, kuma ranar na fara jin sa a bakinsa.

Suka shiga da ita. Na ga tafin ƙafarta da sauran lallen Sallah a jiki, ƙofa ta rufe. Muka zauna a dakalin baranda. Aka kira la'asar, ya je ya yi ya dawo, ni ko alwala na kasa tashi in yi. Duk wanda ya fito da farar riga sai in bi fuskarsa da kallo ina neman labari. Na yi ta lissafa hanyar da muka bi, daga Ƙofar Kaura zuwa 'Yandaka, daga 'Yandaka zuwa nan, ina tambayar kaina a wane rami ne ya fashe. Na yi ta tunanin in ta tafi, abu na ƙarshe da ta ji na faɗa a kanta shi ne ba ni na haife ta ba. Tsoron ya cika mini ciki har ya zama fushi, na juya kansa.

"Yaya, ka san katin ga ya mutu?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun watan da suka sallame mu."

"Kana zuwa gidana kowace Juma'a! Kana tambayata akuya! Akuya, Yaya! Da ka hwaɗa mani, da tuni na biya an ƙara ta cikin nawa. Da yau ban tsaya ko'ina ba, nan zan taho kai tsaye tun da sahe. Mi ya hana ka buɗe baki?"

Ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce ya yi niyya ba sau ɗaya ba. Akwai Juma'ar da ya zo musamman don haka, har ya yi gyaran murya, sai ga ta ta shigo da ruwa. Ya ce wa matarsa ta gaya mini, ita kuma ta ce ita da ta haife ta ai ta fi shi jin nauyi. Kowa ya bar wa kowa.

"Ta ina zan fara maki zancenta?" ya ce. "Sai ki ga kamar ina tuna maki tawa ce. Na ba ki ita. Ban so ki ji ko da rana ɗaya cewa ina da sauran magana a kanta."

Wannan shirun nasa shi ne abin da na fi gode masa a duniya, shekara da shekaru ina alfahari da shi a gaban mutane. Na sa mayafi na rufe fuska na yi kuka, shi ma ina jin nasa a gefena.

Gab da magariba likitan ya fito. Ya ce ya fashe, sun wanke cikin, sauran sai abin da kwanaki masu zuwa suka nuna, mu yi ta addu'a kada zazzaɓi ya tashi. Ya tashi kuwa. Ta yi kwanaki ba ta san wanda ke kanta ba, da roba a hanci da wata a gefen ciki, ni ina ƙasa kan tabarma ina kallon ƙirjinta ko yana motsi. Daga baya ciwon ya ruɓe aka sake buɗe shi. Sai da muka kusa cinye wata a asibitin, Yaya ya sayar da rabin kayan shagonsa. Ta tashi da tabo mai tsawo, ta rame har zobenta yana zamewa, amma ta tashi.

Ban ko huta ba na je ofis na cike takardun ƙarin iyali, na biya, na yi ta sintiri har sunanta ya fito. Gurbin nan huɗu suna nan a buɗe har na yi ritaya.

Juma'ar farko bayan an sallame mu Yaya ya zo kamar kullum, ya zauna a tabarmarsa. Ya tambayi maigidana, ya tambayi ƙafata, ya tambayi maƙwabta. Ta fito a hankali tana dafe da cikinta, ta durƙusa da ƙyar ta miƙa masa ruwa. Na ga idonsa ya nufi katanga, ya tsaya a hanya, ya dawo. Ya dube ta sosai, ya kira sunanta.

"Ya jikin naki?"

Ta rasa inda za ta sa kanta. Ta juyo ta dube ni, kamar mai neman izini.

"Amsa mashi mana," na ce. "Babanki ne."